TEXT, FIXED ko CHOOSE: wanne zai rubuta maka kuɗi da kwanan wata daidai a cikin saƙo?

Ni ke riƙe da littafin bashi na shagon yayana, inda ake sayar da kayan masarufi kan sari. Masu ƙananan shaguna kan ɗauki shinkafa da sukari da man girki, a sa musu ranar biya, in ranar ta gabato a tuna musu ta waya. Da na gaji da rubuta saƙon kowa da hannu, sai na haɗa fomula a Excel ta riƙa ɗinka min shi. A ɗakin A2 akwai yadda muke kiran mutum, a B2 akwai bashin da ake bin sa, a C2 kuma ranar biya. Abin da na fara rubutawa ke nan:

```
=A2&", ana bin ka "&B2&", a biya kafin "&C2
```

A kan allo B2 na nuna ₦187,500, C2 kuma na nuna 05/03/2025. Amma saƙon da ya fito, wanda kuma na tura ban duba ba, cewa ya yi: "Alhaji, ana bin ka 187500, a biya kafin 45721". Bayan la'asar Alhajin ya kira yayana, ransa a ɗan ɓace, yana tambaya ko dubu arba'in da biyar ɗin wani sabon bashi ne da bai san da shi ba. Yaya ya ba shi haƙuri, ya juyo ya ce min, "Ƙanina, magana a kan kuɗin mutane ba ta son kuskure. Ka gyara kafin ka sake tura wa kowa." Gaskiya ya faɗa, don amanar da aka yi shekaru ana ginawa saƙo ɗaya na iya taɓa ta.

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Excel ba ya ajiye kwanan wata a matsayin rana da wata da shekara. Lamba yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu, 1900, wadda ita ce lamba 1. Ranar 5 ga Maris, 2025 ita ce ta 45721 a wannan ƙirga. Haka ma kuɗin: abin da ke cikin ɗakin 187500 ne tsurarsa, alamar naira da waƙafin riga ce kawai da aka sa wa ɗakin. Da zarar ka jawo ɗakin cikin jimla da alamar `&`, lambar ce ke zuwa, rigar tana nan inda ka bar ta. Don haka dole ka sake sa mata riga a cikin jimlar da kanka, kuma hanyoyin yin hakan sun fi ɗaya. Duk suna aiki a kwamfutar da aka rubuta su. Inda suke rabuwa shi ne ranar da fayil ɗin ya koma wata kwamfutar, ko ranar da saƙon ya isa hannun wanda ba ya karatu irin naka.

Kuɗi: hanyoyi uku

Ta farko ita ce TEXT. Tana karɓar abu biyu, lambar da kuma tsarin da kake so ta fito da shi, a rubuce tsakanin alamomin zance.

```
="₦"&TEXT(B2,"#,##0")
```

Wannan zai ba ka ₦187,500. Waƙafin da ke cikin tsarin shi ke cewa a raba dubbai. Alamar `#` na nufin a nuna lamba in akwai ta, `0` kuma na nufin a nuna lamba ko da sifiri ce. Wannan sifirin na ƙarshe yana da amfani fiye da yadda ake zato. In ka rubuta `"#,###"` a madadinsa, ranar da bashin wani ya zama sifiri saƙon zai fito da alamar naira ita kaɗai babu komai a gabanta. In kana son kwabo, sai ka ƙara ɗigo da sifiri biyu, `"#,##0.00"`, ka samu 187,500.00.

Ka lura na ajiye alamar naira a wajen TEXT, ban cusa ta cikin tsarin ba. Da gangan ne. Haruffa da yawa suna da ma'ana ta musamman a cikin tsarin, kamar `d` da `m` da `y` da `h` da `s`, don haka in ka fara rubuta kalmomi a ciki kana iya taka ɗaya daga cikinsu ba ka sani ba. Barin kalma a waje da lamba a ciki ya fi kwanciyar hankali. In kuma madannanka ba su da ₦, `UNICHAR(8358)` zai fito maka da ita a Excel na 2013 zuwa sama.

Ta biyu ita ce FIXED, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba.

```
="₦"&FIXED(B2,0)
```

Sakamakon ɗaya ne, ₦187,500. Lambar ta biyu ita ce yawan gurabun da kake so bayan ɗigo. In ka sa 2 za ka ga kwabo, in ba ka sa komai ba ma 2 ɗin take ɗauka. Waƙafin dubbai da kanta take sa shi. Ba ta da wani tsari da za ka rubuta, kuma nan ne ƙarfinta yake, kamar yadda za mu gani in mun zo batun tafiyar fayil. Rauninta shi ne ba ta da sassauci. Ba za ka iya ce mata ta cika lamba da sifirai a gaba ba, misali. In lambar asusun banki mai lambobi goma ta fara da sifiri kuma Excel ya cinye shi, `TEXT(F2,"0000000000")` ce ke dawo da shi, FIXED ba ta iya wannan ba. Kuma ba ruwanta da kwanan wata sam.

Ta uku ita ce DOLLAR, kuma ita ce nake ba da shawarar a guje wa a saƙon da zai je hannun mutane. `DOLLAR(B2,0)` tana sa alamar kuɗi da kanta, amma ba kai ke zaɓar alamar ba, saitin yankin da ke kwamfutar ne ke zaɓa. In an saita ta a kan Najeriya za ka ga ₦. In kuwa tana kan saitin Amurka, kamar yadda na tarar da yawancin kwamfutocin hannu da ake saya a kasuwa, saƙon zai ce ana bin Alhaji $187,500. Babu wani gargaɗi da zai fito, fomular ba ta ɗauki hakan kuskure ba. Kai da ka rubuta a injinka ka ga naira, yaron shago ya buɗe a nasa ya tura dala. Alamar kuɗi abu ne da ya kamata ka rubuta da hannunka ta zauna daram, ko ina aka buɗe fayil ɗin.

To tsakanin TEXT da FIXED fa? In fayil ɗin ba ya barin kwamfutocin da ke kan saitin Ingilishi, ko na Najeriya ko na Birtaniya ko na Amurka, duka biyun daidai suke, ka ɗauki wadda ta fi zauna maka. Bambancin yana bayyana ne in kana da abokin hulɗa a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, wanda kwamfutarsa ke kan saitin Faransanci. A can waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, dubbai kuma da ɗan fili ake raba su. Sunayen fomuloli Excel na fassara su da kansa in fayil ya tsallaka: TEXT ta koma TEXTE, FIXED ta koma CTXT, ba ka yi komai ba. Rigar da aka sa wa ɗaki ita ma tana juyawa da kanta. Amma abin da ke tsakanin alamomin zance ba ya taɓa shi, don a wurinsa rubutunka ne. Sai injin can ya karanta waƙafin `"#,##0"` da ma'anarsa ta can, dubbai su ƙi rabuwa, a ga waƙafi da sifiri sun maƙale a ƙarshen lambar. FIXED kuwa tunda ba ta ɗauke da wani rubutaccen tsari, sai ta bi al'adar injin da ta samu kanta, ta fito da 187 500, wanda shi ne daidai ga mai karatu a can. Don haka fayil mai tsallaka iyaka FIXED ce tasa. In kuɗin sefa ne ma sai abin ya ƙara sauƙi, tunda ba a rubuta masa gutsure: `FIXED(B2,0)&" FCFA"` ya wadatar.

Akwai tarkon da duka biyun suka yi tarayya a kai, kuma shi ya fi cin mutane. Dukansu suna kammala lamba ne a ido kawai, ba sa taɓa abin da ke cikin ɗakin. Wata Hajiya mai shago ta nemi a raba mata bashin ₦45,000 gida bakwai, ta riƙa biya duk mako. In ka jawo rabon kai tsaye cikin jimla za ka ga 6428.57142857143, wanda ba ya karantuwa. In ka sa `"#,##0"` za ka ga 6,429, ya yi kyau a ido. Amma 6,429 sau bakwai 45,003 ne, littafinka kuma 45,000 ya sani. Naira uku ba kuɗi ba ne, sai dai sun isa su hana lissafi rufewa a ƙarshen wata, ka zauna kana neman inda suka fito. In ka sa kwabo ka rubuta 6,428.57, babu mai biyan wannan a kasuwa. Gyaran ba a cikin saƙo yake ba, a cikin lissafin yake. Ni abin da na yi, na kammala kason a ɗakinsa da `CEILING(45000/7,50)`, ya ba ni 6,450. Makonni shida a haka 38,700 ke nan, mako na bakwai ta biya ragowar 6,300. Saƙon sai ya ɗauko lambar da aka riga aka daidaita, abin da Hajiya ta karanta ya zama shi ne abin da littafi ya riƙe.

Don haka ma kada ka taɓa maye gurbin ɗakin lamba da na TEXT. Abin da TEXT da FIXED ke fitarwa rubutu ne, ba lamba ba, SUM kuma tsallake rubutu take yi shiru. In ka ga jimillar bashi ta faɗo ƙasa ba dalili, duba ko wani ɗaki ya jingina hagu alhali 'yan uwansa suna dama. Lamba dama take jingina, rubutu hagu, muddin ba a canza musu zama da hannu ba.

Kwanan wata: nan zaɓin ya fi faɗi

Mafi sauƙi shi ne lambobi zalla.

```
=TEXT(C2,"dd/mm/yyyy")
```

Zai ba ka 05/03/2025. Gajere ne, kuma ya dace da rasit ko takardar da akawu zai karanta. Matsalarsa a saƙo ita ce ba ya faɗin wanne ne wata. Mu nan rana muke fara rubutawa, amma wayoyi da manhajoji da yawa suna nuna wata a gaba, ido kuma ya saba da duka biyun. Wanda ake bi bashi yana iya karanta 05/03 a matsayin 3 ga Mayu, da gaske ko da gangan, ya samu ƙarin kusan wata biyu. Duk ranar da ta kama daga 1 zuwa 12 ga wata tana da wannan harshen damo. Ranar biya kuwa ba wurin da za a bar ƙofa a buɗe ba ne.

Mataki na gaba shi ne a rubuta sunan watan. `TEXT(C2,"d mmmm yyyy")` zai ba ka 5 March 2025 a injin da ke kan Ingilishi. `d` ɗaya na nuna rana ba sifiri a gaba, `mmmm` huɗu cikakken sunan wata, `mmm` uku gajerensa, `dddd` kuma sunan ranar mako. Ruɗanin ya kau, amma yanzu kana da jimlar Hausa da watan Turanci a tsakiyarta. Ga wasu masu karatu ba komai, ga dattijon da jikansa ke karanta masa saƙo kuwa gara Maris. Sannan mu ba ma cewa "5 Maris", "5 ga Maris" muke cewa. In ka jefa kalmar ga cikin tsarin haka nan tsirara, Excel zai nemi fassara haruffanta, ko ya ba ka kuskure ko ya ba ka shirme. Dole ka kulle ta da alamomin zance biyu-biyu, kamar haka: `"d ""ga"" mmmm yyyy"`. Yana aiki, amma wanda ya gaji fayil ɗin daga hannunka zai sha wuya kafin ya gane abin da ka yi.

Nan ma akwai kuskuren da na ga mutane na yawan yi. Suna son sunan wata, sai su rubuta `TEXT(MONTH(C2),"mmmm")`, su ga kullum January ke fitowa. MONTH ta mayar da ranar zuwa lamba 3, TEXT kuma ta ɗauki 3 a matsayin rana ta uku a ƙirgar Excel, wato 3 ga Janairu, 1900. Tunda lambar wata ba ta wuce 12, ba za ka taɓa fita daga Janairu ba. TEXT cikakkiyar ranar take so, C2 kai tsaye.

Hanya ta uku ita ce ka gaya wa TEXT harshen da kake so. Kowane harshe yana da lambarsa a tsarin Windows, ta Hausar Najeriya ita ce 468.

```
=TEXT(C2,"[$-468]dddd, d mmmm yyyy")
```

A Excel na kwamfutar Windows wannan na fito da sunan rana da na wata da Hausa, Laraba da Maris. Gajere ne, kuma ranar da na fara ganin ya yi aiki na ji daɗi ƙwarai. Sai dai ban dogara da shi ba, saboda dalilai biyu. Sunayen daga na'urar suke fitowa ba daga fayil ɗinka ba, don haka in an buɗe shi a waya ko a wata manhajar lissafi dabam, sai ka sake gwadawa kafin ka yarda da abin da zai fito. Kuma rubutun sunayen ba naka ba ne. In kai Fabrairu kake rubutawa ko Juma'a, injin kuma yana da tasa ƙa'idar, tasa za ka gani. Ga wanda shi kaɗai ke amfani da fayil ɗinsa a kwamfuta ɗaya, wannan hanya ta isa.

Duk waɗannan ukun suna da rauni guda, irin wanda muka gani a kuɗi, kuma a nan ya fi muni. Haruffan `d` da `y` daga kalmomin Ingilishi aka ɗauko su. A saitin Faransanci rana `j` ce, shekara kuma `a`, tsarin ya zama `"jj/mm/aaaa"`. In fayil mai `"dd/mm/yyyy"` ya sauka a irin wannan injin, watan ne kaɗai zai fito daidai tunda `m` ɗaya ce a harsunan biyu, a gurbin shekara kuwa sai ka ga haruffan yyyy zaune a cikin saƙo. In na Nijar ya turo maka nasa, kai ma hakan za ta same ka ta ɗaya gefen. Ba harshen da maɓallan Excel ke nunawa ke yanke hukunci ba, saitin yanki ne na kwamfutar, wanda ake samu a Control Panel ƙarƙashin Region. Gwaji mai sauri a kowane inji shi ne ka rubuta `=TEXT(DATE(2025,3,5),"dd/mm/yyyy")` a ɗakin da babu komai, ka ga ko 05/03/2025 ya fito. A saitin Faransanci da `;` za ka raba sassan fomular a madadin waƙafi, in Excel ɗin ma na Faransanci ne ka rubuta TEXTE.

Hanya ta huɗu ba ta amfani da TEXT ko kaɗan, kuma ita na zauna a kai. Ana warware ranar gida uku, a ɗinka ta da kalmominmu.

```
=DAY(C2)&" ga "&CHOOSE(MONTH(C2),"Janairu","Fabrairu","Maris",
"Afrilu","Mayu","Yuni","Yuli","Agusta","Satumba","Oktoba",
"Nuwamba","Disamba")&", "&YEAR(C2)
```

MONTH ta ba da 3, CHOOSE ta ɗauko suna na uku a jerin, sai ka samu 5 ga Maris, 2025. Ta fi sauran tsawo, ba shakka, amma sau ɗaya ake rubuta ta a ja ƙasa. Babu harafin da wani inji zai fassara yadda ya ga dama, don DAY da MONTH da YEAR lambobi suke bayarwa, sunayen watannin kuma kai ka rubuta su. A Kano, a Maraɗi, a Excel, a Google Sheets, abu ɗaya za ta fitar. In kana son ranar mako, kuma ina ba ka shawarar ka so ta, don ɗan kasuwa da Laraba da Asabar yake lissafi fiye da lambar rana, ga ta:

```
=CHOOSE(WEEKDAY(C2),"Lahadi","Litinin","Talata","Laraba",
"Alhamis","Juma'a","Asabar")
```

WEEKDAY in ba a ce mata komai ba daga Lahadi take fara ƙirga, shi ya sa jerin ya fara da ita. In ka fara da Litinin, duk saƙonninka za su zame da kwana ɗaya. Ranar 5 ga Maris, 2025 tana ba da 4, wato Laraba. Ka gwada da ranar da ka tabbatar da ita a kalanda kafin ka ja fomular ƙasa.

Babu ɗaya daga cikin huɗun da za ta cece ka in abin da ke C2 ɗin kansa ba daidai ba ne. In an bar ɗakin fayau, Excel na ɗaukarsa sifiri: TEXT za ta rubuta 00/01/1900, ta CHOOSE kuma ta ce 0 ga Janairu, 1900. A Google Sheets 30/12/1899 za ka gani, don can ƙirgar daga nan ta faro. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ranar da aka shigar a injin da ke kan saitin Amurka. Yaron shago ya buga 05/03/2025 yana nufin Maris, injin ya karɓa a matsayin 3 ga Mayu, kuma a allo yana nuna 5/3/2025 kamar komai lafiya. In ya buga 25/03/2025 kuwa, tunda babu wata na 25, sai injin ya ajiye shi a matsayin rubutu, ya jingina hagu. `ISNUMBER(C2)` na kama na biyun, tana ba da FALSE. Na farkon ba ta kama shi, don lamba ce ta gaskiya, ranar ce kawai ba ita ba. Abin da ke tona shi shi ne sunan wata a rubuce: da ka ga saƙon ya ce Mayu ka san an samu matsala tun wurin shigarwa. Tsarin lambobi zalla na iya juya maka shi zuwa 03/05/2025 ka wuce ba ka lura ba.

Yadda na haɗa nawa

Ban cusa komai cikin fomula ɗaya ba. Kuɗin a rubuce yana D2, ranar a rubuce tana E2 da sunan ranar mako a gabanta, saƙon kuma yana jawo su biyun. In wani abu ya lalace, ina ganin ɗakin da ya lalace nan take.

```
=IF(AND(B2>0,ISNUMBER(C2)),A2&", muna tunatarwa: akwai ragowar "
&D2&" da za a biya ranar "&E2&". Mun gode.","")
```

Sharaɗin farko yana hana saƙo fita ga wanda ya gama biya, ko wanda ya biya fiye da kima. Ba don shi ba, mutumin da mu ne ke riƙe da canjinsa na dubu biyu zai samu saƙon da ke cewa akwai ragowar ₦-2,000 a kansa. Na biyun yana rufe bakin saƙon in ranar babu ita ko rubutu ce, tunda ɗakin da ba komai a ciki ma FALSE yake bayarwa. Na kuma sauya "ana bin ka" zuwa "akwai ragowar", don jimla ɗaya ta dace da Alhaji da Hajiya ba tare da na buɗe ɗakin namiji da mace ba, kuma ta fi ladabi ga manya. Abin da Alhaji ke samu yanzu shi ne: "Alhaji, muna tunatarwa: akwai ragowar ₦187,500 da za a biya ranar Laraba, 5 ga Maris, 2025. Mun gode."

Hanyar da saƙon zai bi ita ma tana da ta cewa a zaɓin alamar naira. A WhatsApp ₦ ba ta da wata illa. A gajeren saƙon waya na SMS kuwa, saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 ne muddin dukansu na cikin jerin da aka tanada, ₦ kuma ba ta cikin jerin, haka ma ƙ da ɗ da ɓ. Guda ɗaya daga cikinsu in ta shiga, iyakar ta faɗo zuwa 70. Saƙon Alhaji ya kai haruffa ɗari, don haka da ₦ gida biyu zai rabu a caje ka kuɗin biyu, da N kuwa ɗaya ne. In mutum ɗari biyu kake tura wa duk mako, za ka ji bambancin a katinka. Shi ya sa na ajiye alamar a ɗaki guda a saman shafin, H1, D2 kuma ya zama `$H$1&FIXED(B2,0)`. Ranar WhatsApp in sa ₦, ranar SMS in sa N, duk saƙonnin su juya tare. Jimlar ma na zaɓi kalmominta ne babu harafi mai lanƙwasa a ciki, ba da son raina ba, don ina son rubutun Hausa da ƙa'idarsa.

In kana son raba saƙon layi-layi, `CHAR(10)` ke yin hakan, kuma sai ka kunna Wrap Text kafin ka ga rabuwar a cikin ɗakin. Amma in ka kwafe irin wannan ɗakin ka liƙa a manhajar saƙo, sau da yawa Excel yana naɗe shi duka da alamomin zance, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, sai ka bi kana gogewa da hannu a kowane saƙo. Bayan na yi hakan na mako biyu na cire shi, na bar saƙon a layi ɗaya.